BANGON TUBALI DA RUWAN DAMINA: YADDA AKE KIYAYE SHI A ƘASAR DUTSIN-MA DA KURFI

Kowace shekara idan marka ta kankama a watan Agusta, akan sami labarin katangu da ɗakunan ƙasa da suka zube a garuruwa da ƙauyukan tsakiyar Jihar Katsina, wani lokaci ma cikin dare, a kan mutane suna barci. Abin da jama'a suka saba faɗi shi ne ruwan daren ne ya yi yawa. Amma duk maginin da ya san sana'arsa zai shaida cewa da wuya ruwan dare ɗaya ya kayar da bangon tubali mai lafiya. Bangon da ya faɗi a Agusta ya daɗe yana ba da sanarwa, sai dai ba a sami mai karanta alamun ba.

Wannan magana ta shafi ma'aikatan gwamnati da ɗalibai ƙwarai da gaske, domin da yawa daga cikin masu aiki a Katsina ko Kaduna ko Abuja, haka kuma masu karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, a gidajen ƙasa aka haife su, kuma har yanzu iyayensu suna ciki. Idan labari ya zo cewa bango yana zaizayewa, su ake dubawa. Abin da akasari sukan yi kuwa shi ne su aika da kuɗin siminti a yi wa bangon filasta, alhali sau da yawa wannan taimako shi ke gaggauta mutuwar ginin. Saboda haka ya kamata a san yadda ruwa ke cin bango, da irin kwaɓin da ke jure masa, da kuma yadda ake gyara wurin da ya riga ya ci.

Ƙofofi uku da ruwa ke bi

Tubali, kamar yadda aka sani, curi ne na ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana har ya bushe sarai, abin da kan ɗauki kimanin mako biyu. Magini yana jera shi gindi a ƙasa, kai a sama, layi biyu ko uku ko fiye gwargwadon kaurin da ake so, yana jefa kwaɓi da ƙarfi a tsakaninsu har ya cike duk wani rami. Bangon yakan fara da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ba a gasa wannan tubali da wuta ba, don haka abin da ke riƙe da shi kawai yumɓun da ke cikin ƙasar ne. Muddin yumɓu yana bushe, yana damƙe yashi da tsakuwa kamar ƙaro. Da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya saki, ƙarfin bangon ya ragu nesa ba kusa ba. Duk dabarar magina a kan wannan abu guda ta tsaya, watau hana ruwa zama a jikin bango.

Ƙofa ta farko ita ce kan bango. Ruwan da ya sauka a kan rawanin soro ko a kan katanga, idan ya sami 'yar tsaga, yakan bi ta cikinta ya gangara tsakanin layukan tubali inda ido ba ya gani. Haka nan indararon da ya karye, ko wanda ya yi gajarta, yakan riƙa zubar da ruwan rufin gaba ɗaya a jikin bango, har ya haƙa kwari daga sama zuwa ƙasa. Alamar wannan ita ce doguwar zaizaya a tsaye a ƙarƙashin indararo, da kuma danshi a kusurwar ɗaki daga ciki, kusa da azara.

Ƙofa ta biyu ita ce fuskar bango, musamman ta gabas. A wannan ƙasa tamu hadari daga gabas yake tasowa, yana tafe da iska mai ƙarfi wadda ke watsa ruwa a gicciye. Wanda ya zaga cikin Kurfi ko Dutsin-Ma bayan damina zai lura cewa bangayen da ke kallon gabas sun fi sauran zaizayewa, har a wasu wurare akan ga kawunan tubali sun fito a jere. Wannan ciwo yana da muni a ido, amma a hankali yake ci, kuma shi ya fi sauƙin magani.

Ƙofa ta uku, wadda ita ce mai kisa, ita ce gindin bango. Ruwan da ya zubo daga indararo yakan daki ƙasa ya fantsamo wa bangon, wanda ya kwanta a lungu kuma yakan jiƙa tushe, sa'an nan bangon ya riƙa tsotsar danshi daga ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Wannan danshi yana hawa da gishirin ƙasa, da na fitsarin dabbobi idan akwai turke a kusa. Idan ruwan ya bushe, gishirin yakan daskare a cikin fatar bangon ya farfasa ta, ta koma gari. Alamunsa su ne farin kurɓi-kurɓi a jikin bango, da ƙasa mai laushi da ke taruwa a gindinsa, da awaki da ke yawan lasar wurin, sai kuma wani kwari da ke bin tsawon bangon daga ƙasa zuwa wajen gwiwa. Da yake nauyin ginin duka a nan yake sauka, duk abin da aka rasa na kauri a wannan wuri an rasa shi ne daga ƙafar da ginin ke tsaye a kai. Gidajen da ke kusa da fadama, irin waɗanda ke gefen kogin Karaɗuwa da tafkin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, su suka fi bukatar sa ido a kan wannan, domin ƙasarsu ta fi daɗewa da danshi bayan ɗaukewar ruwa.

Zaɓen ƙasa da haɗa kwaɓi

Ba kowace ƙasa ke yin gini ba. Ƙasar saman gona tana cike da saiwoyi da taki, ba ta da damƙo, ga kuma kiran gara. Baƙar lakar fadama, wadda ke da yawa a kewayen Zobe, yumɓunta ya yi yawa, tana kumbura da ruwa tana tsukewa da rana, shi ya sa take dararrabewa da rani. Rairayin kogi kuwa ba ya kama kansa ko kaɗan. Wadda magina ke nema ita ce birji, watau jar ƙasa mai 'yan tsakuwoyi da ake samu bayan an kawar da ƙasar sama, wadda yumɓunta da yashinta suka zo kusan daidai da bukata. Yawancin kududdufan da ke cikin tsofaffin garuruwa ramukan da aka haƙi irin wannan ƙasa ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko ɗalibi zai iya yi. A zuba ƙasar cikin farar kwalba har kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya, garin ƙasa mai laushi ya biyo baya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ko ya fi kafin ya zauna a sama. Idan aka ga yumɓun ya tasam ma rabin abin da ya kwanta, ƙasar za ta tsage idan ba a ƙara mata yashi ba. Idan kuwa da ƙyar ake ganinsa, za ta zube idan ta bushe. Amma kwalba nuni kawai take yi. Hukunci na ƙarshe a jikin bango ake yanke shi, kamar yadda za a gani a gaba.

Bayan an haƙo birji, akan farfasa ƙullutunsa, a tara shi, a buɗe tsakiya a zuba ruwa, a bar shi ya kwana ya sha. Kashegari a shiga da ƙafa a tattake, ana juyawa da galma ko shebur, sa'an nan a barbaɗa ciyawar da aka daddatse, irin su datsi, ko kuma tattakar da aka kwaso daga bargar doki ko turken jaki tare da kashinsu. Sai a sake tattakewa, a tara, a rufe da ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa bayan kwana biyu ko uku, har mako ɗaya ko biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa. Jiƙon yana ba ruwa damar ratsa kowane ƙullutun yumɓu, don kada wani ya rage a bushe ya zo ya kumbura a cikin bango daga baya. Ciyawar tana riƙe kwaɓin lokacin da yake tsukewa, ta raba babbar tsaga guda zuwa ƙanana masu yawa da ba su da illa. Tsimuwar kuma tana tausasa ciyawar ta sa kwaɓin ya yi yauƙi da danƙo. Ana gane ya nuna idan launinsa ya ƙara duhu, warinsa ya sake, kuma idan aka jefa curi a bango ya manne bai zamo ba. Kuskuren da ya fi yawa a yau shi ne gaggawa: a kwaɓa da safe a yaɓa da rana, a cika ruwa don aikin ya yi sauƙi. Ruwan da ya yi yawa wuri yake ci a cikin kwaɓin, idan ya fita sai ya bar tsaga a gurbinsa.

Makuba da cafe da laso

Yaɓen ƙasa zalla riga ce da ake sa wa bango don ruwa ya ci ta maimakon ya ci tubali. An yi ta ne domin ta ƙare a sabunta. Amma magina sun daɗe da sanin hanyoyin da za a sa ta jima.

Mafi sauƙin samu a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ita ce makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Ɗorawa tana nuna ne da bazara, kuma bayan an fitar da garinta an ware kalwa don daddawa, ɓawon ne ke saura. Akan daka shi a jiƙa cikin ruwa na 'yan kwanaki, ko a tafasa idan ana sauri, har ruwan ya yi ja mai duhu kamar shayi mai kauri. Da wannan ruwa ake kwaɓa yaɓen ƙarshe, a kuma shafe fuskar bangon da shi bayan ta fara bushewa. Binciken da aka yi a Burkina Faso, inda su ma suke amfani da ɓawon ɗorawa a gini, ya nuna cewa sinadarin da ke sa ɓawon bauri yana haɗuwa da sinadarin ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, abin da ke ƙara wa yaɓen tauri ya kuma rage masa shan ruwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa makuba ta fi kama jar ƙasa. Sai dai tana da iyaka, domin ruwan sama yana wanke ta sannu a hankali. Shi ya sa fuskar gabas take son a sake shafe ta kowace shekara, a kuma sabunta yaɓenta bayan shekara biyu ko uku.

Cafe kuwa yaɓe ne da ake danna wa ƙananan tsakuwoyi a fuska tun yana ɗanye, sa'an nan a shayar da shi ruwan makuba ko na bagaruwa. Tsakuwar ce ke karɓar dukan ɗigon ruwa, don haka ya dace da bangon gabas da kuma ƙasan bango inda ruwa ke fantsama.

Mafi daraja shi ne laso, wanda a da ake shafe rufin soro da rawani da zankwaye da shi. Ana haɗa shi da katsi, watau dagwalon da ke kwanta a gindin rijiyar marina wanda ake busarwa a ƙone a dake, da gashin jima da ake samu wurin majema, da kuma ruwan yauƙin dafara. Laso mai kyau yakan kai shekara biyar ko shida. Matsalarsa a yau ita ce kayan haɗinsa, domin ya dogara ne ga marina da majema, kuma yawancin marinan garuruwa sun mutu. Saboda haka mai gida a ƙauye zai fi dogara da makuba da cafe.

Dalilin da ya sa siminti ke cin amana

A ido, filastar siminti ta fi kowane yaɓe kyau da ƙarfi. Illarta kuwa daga ƙarfin nata take fitowa. Bangon ƙasa yana motsi kaɗan-kaɗan, yana kumbura da damina yana tsukewa da rani, siminti kuwa ba ya bin sa, kuma tun farko bai haɗu da ƙasar ya zama jiki ɗaya ba, jingina kawai ya yi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ƙananan tsagogi su bayyana, ruwan gabas ya shiga ta cikinsu. Danshin da ke hawowa daga tushe ma yana nan bai fasa ba. A bangon da ke da yaɓen ƙasa, rana da iska sukan fitar da wannan danshi cikin 'yan kwanaki. A bayan siminti kuwa ba shi da mafita, sai ya taru, ya ƙara hawa sama, ya mai da tubali taɓo, gara kuma ta sami wurin ɓuya. Mai gida yana ganin bango sumul daga waje, alhali ciki ya ruɓe, har ranar da filastar za ta ɓamɓaro kamar faifai ta fito da rabin bangon.

Ana iya gane wannan tun da wuri. A ƙwanƙwasa filastar da ƙotar fartanya: inda take manne za ta yi ƙara mai nauyi, inda ta rabu da bango kuwa za ta yi amo kamar ganga. Haka kuma idan aka ga danshi ko ƙasa tana zubowa a cikin ɗaki ta bayan wurin da aka yi filasta, to ruwan da aka hana fita ta waje ne ya nemi hanya ta ciki. Wannan ba ya nufin siminti ba shi da amfani a gidan ƙasa. Wurinsa shi ne harsashin dutse a sabon gini, da magudanar ruwa, da mazaunin indararo, da kuma wurin da ruwan indararo ke sauka.

Misalin gyaran bango guda

A ɗauki misalin bangon gabas na wani ɗaki mai rufin azara, tsawonsa mita 10, tsayinsa mita 3, kaurinsa a gindi santimita 60. Yaɓensa ya wanke har kawunan tubali sun fito, kuma a gindinsa akwai kwari mai tsayin santimita 40 da zurfin kimanin santimita 10, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Watau ruwa ya cinye kashi ɗaya cikin shida na kaurin bangon. Wannan yana gyaruwa ba tare da an rushe ba.

Lokacin aiki shi ne farkon watan Maris, sa'ad da bangon ya bushe har ciki, kuma da sauran lokaci kafin ruwan farko. Kafin a taɓa bangon, sai a fara da abin da ya jawo cutar. A gyara indararo ya fito aƙalla rabin mita daga bango, a jera duwatsu inda ruwansa ke sauka, a toshe tsagogin rawani, a buɗe rariyar da ta toshe, a ɗauke turken dabbobi daga jikin bangon. Wanda ya tsallake wannan mataki, baɗi ma zai sake wannan aiki.

Daga nan sai gwajin kwaɓi. A yi yaɓe uku a jikin bangon, kowanne faɗin faifai da kaurin santimita 2: na farko birji zalla, na biyu kwano biyu na birji da ɗaya na yashi, na uku ɗaya da ɗaya. Bayan kwana uku a duba. Wanda ya dararrabe yumɓunsa ya yi yawa, wanda ke zubar da gari idan an goga shi da tafin hannu yashinsa ya yi yawa. A ce a wannan misali na biyu ne ya fita lafiya.

Lissafin kayan ba shi da wuya. Kwarin gindi zai ci lita 400, watau kimanin kwanon lebura 22, idan aka ɗauka kowane kwano yana cin lita 18. Fuskar bangon murabba'in mita 30 ce, yaɓe mai kaurin santimita 3 kuwa zai ci lita 900, watau kwano 50. Jimla kwano 72 ke nan. Da yake busasshiyar ƙasa tana raguwa idan an kwaɓa ta, wani kuma yana zubewa wajen aiki, sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama kwano 90, ko baro 23. Bisa ga sakamakon gwajin, kwano 60 birji ne, 30 kuma yashi. Ciyawa kuwa, wadda aka datsa tsawon yatsa, akan sa kimanin kwano ɗaya a kowane kwano huɗu ko biyar na ƙasa. A kwaɓa a bar shi ya tsima kamar yadda aka bayyana.

Gyaran gindi shi ke bukatar natsuwa. Ba a kankare tsawon bangon gaba ɗaya, domin yin haka sassare ƙafar gini ne. A raba shi gaɓa-gaɓa, mita ɗaiɗai, a yi aiki a ta ɗaya da ta uku da ta biyar har zuwa ta tara, sai sun bushe a dawo kan sauran. A kowace gaɓa a kankare ƙasar da ta mutu har a tarar da mai tauri, a kwashe abin da aka kankaro a kai nesa, kada a mai da shi cikin kwaɓi, domin cike yake da gishiri. A share ƙura, a yayyafa ruwa har wurin ya yi danshi ba tare da ya yi taɓo ba, don kada busasshen bango ya zuƙe ruwan sabon kwaɓi su kasa haɗuwa. Sa'an nan a jefa kwaɓin da ƙarfi a danna, kauri kada ya wuce santimita 3 ko 4 a tashi ɗaya, a bar fuskarsa da kaushi, a jira kwana uku kafin a ƙara wani. Sau uku zai cike kwarin. Inda zurfin ya zarce haka, a gina wurin da ƙananan busassun tubala maimakon a cusa ɗanyen kwaɓi mai yawa, wanda zai tsuke ya rabu da bangon ya bar nauyin a inda yake. Wannan mataki zai ci kusan mako uku.

Bayan haka sai yaɓen fuska, daga sama zuwa ƙasa. Da yake bangon gabas ne, rana tana dukansa da safe, don haka a yi aikin bayan azahar lokacin da inuwa ta rufe shi, ya sami dare guda yana bushewa a hankali. Yaɓen farko, mai ciyawa, santimita 2 ne, kuma akan ja masa layuka da yatsu don na biyu ya sami abin kamawa. A ba shi mako guda. Ƙananan tsagogi kamar zare ba abin damuwa ba ne, na biyu zai rufe su, amma idan tsaga ta isa a sa tsinken ashana, ko yaɓen yana amo idan an ƙwanƙwasa, a ɓamɓare wurin a sake. Yaɓe na biyu santimita 1 ne, da ƙasar da aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan makuba, a goge shi da tafin hannu ko da dutse mai santsi har ƙofofinsa su toshe. A ƙasan bangon, daga ƙasa zuwa ƙugu, a danna tsakuwa a yi cafe. Idan ya fara bushewa a shafe shi da ruwan makuba sau biyu ko uku, ana barin kwana ɗaya a tsakani.

Abu na ƙarshe shi ne a gina ɗan dakali a gindin bangon, mai gangara zuwa waje, a kuma cike ƙasar wurin yadda ruwa zai gudu daga ginin. Dakalin da ake gani a ƙofar zaure ba don zaman hira kaɗai aka yi shi ba. Shi ke karɓar fantsamar ruwa da gishiri a madadin bango, kuma idan ya ci, gyaransa aikin yini ɗaya ne. Duka aikin, daga haƙar ƙasa zuwa shafen ƙarshe, zai ɗauki kimanin mako shida zuwa bakwai. Wanda ya fara a farkon Maris zai kai ga yaɓen ƙarshe a cikin Afrilu, daidai lokacin da sabuwar makuba take samuwa.

Inda gyara ba ya isa

Akwai bangon da yaɓe ba zai cece shi ba, kuma rufe shi da sabon yaɓe ɓoye haɗari ne kawai. Idan kwarin gindi ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, ko bangon ya karkata, ko ya yi ciki, ko kuma akwai tsagar da ta ratsa daga waje zuwa ciki, musamman a kusurwa ko a ƙarƙashin azara, to maganar ta wuce ta yaɓe. Ana iya gwada tsaga ta hanyar liƙa mata ɗan kwaɓi a gicciye: idan ya fashe bayan ya bushe, bangon yana kan motsi. A irin wannan hali sai a fitar da mutane daga ɗakin, a tokare azara da itatuwa masu ƙarfi, a kira ƙwararren magini ya sauke wannan sashe ya sake ginawa daga tushe. Ba a kwana a irin wannan ɗaki da marka.

Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina ta ƙasa ce, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Haka nan ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 yana nan har yau. A ƙasar Mali, mutanen Jenne sukan fito kowace shekara su sake yaɓe babban masallacinsu, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a 1907. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya daɗe don ruwa ba ya cin sa. Sun daɗe ne domin ana mayar musu da abin da ruwa ya ci kafin ya kai ga tubali. Ma'aikacin da ke son ya taimaki gidansu zai fi cin riba idan ya je gida bayan kaka, ya zaga bangaye yana duba gindi da indararo da fuskar gabas, sa'an nan kuɗin da zai sayi siminti ya biya magini da masu ɗebo birji da ruwa, ya kuma sa a ajiye masa ɓawon ɗorawa tun kafin a zubar.